Rufe akawun na wani lokaci ko goge shi: me ke faruwa da saƙonni, hotuna da mabiya?

"Jama'a, ina so in ɗan huta da Instagram da Facebook. Idan na danna Deactivate account, saƙonnina da hotunana da mabiyana za su tafi ne kamar wanda ya danna Delete account? Wanne ya kamata in zaɓa?"

'Yar'uwa, ki rufe kawai, kada ki goge. Rufewa ɓoyewa ce: kamfanin yana riƙe da komai naki, sai dai ya kawar da shi daga idon jama'a har ranar da kika dawo.

Na taɓa rufe Instagram ɗina na tsawon watanni lokacin da aiki ya sha mini kai. Washegari na karɓi wayar ƙanwata don in ga yadda nake a wurin mutane. Ta rubuta sunana a wurin bincike, babu ni. Tsokacin da na yi a ƙarƙashin hoton ɗanta ya ɓace, haka alamar so da na danna masa. Amma da ta buɗe akwatin saƙo, ga hirarmu nan yadda muka bar ta, har da muryar da na tura mata, sai dai inda sunana yake an rubuta Instagram User, hoton fuskata kuma ya koma fanko. Ranar da na dawo, sunana da kalmar sirri kawai na sa. Hotunan mahaifiyata da na ɗora tun shekarun baya, waɗanda wasunsu ba su a wayata ma, suka dawo tare da addu'o'in da mutane suka rubuta a ƙarƙashinsu. Wallahi na ji daɗin ganinsu fiye da yadda na zata.

Mabiya ma haka. Lokacin da akawun ke rufe ba kya cikin jerin waɗanda suke bi, amma alaƙar tana nan a ajiye, kina dawowa kuma sai ta koma yadda take, ba sai kowa ya sake danna Follow ba. Idan kika ga adadin ya ɗan ragu, kada hankalinki ya tashi. Galibi wasu ne suka goge nasu akawun a bayanki, ko kamfanin ya share na bogi. Doka ɗaya ce za ki kiyaye a Instagram: sau ɗaya a mako ake yarda a rufe, don haka idan kika rufe yau kika leƙo gobe, sai kin jira.

Facebook ya ɗan bambanta, kuma a nan mutane suka fi rikicewa. Shafinki zai ɓace, hotunanki za su ɓuya, amma ƙawayenki na iya ci gaba da ganin sunanki a jerin abokansu, masu kula da guruf kuma na iya ganin abin da kika rubuta a guruf ɗinsu da sunanki. Messenger ba ya rufuwa don kin rufe Facebook. Ana iya turo miki saƙo ki amsa, idan kuwa shi ma ba kya so, daban za ki rufe shi. Sannan idan akwai feji na sana'a wanda ke kaɗai ce ke kula da shi, zai rufu tare da ke. Ki ba wani amintacce cikakken iko a kansa kafin ki tafi, in ba haka ba masu neman ki za su zaci kin daina.

Gogewa kuwa, amfaninta ɗaya ne da na sani: ga wanda ya rantse ya bar dandalin har abada. Facebook da Instagram suna ba da kwana 30 na canza shawara, bayan nan ba komowa, share bayanan daga rumbunsu kuma na iya ɗaukar kwana 90. Hotuna sun tafi, mabiya sun koma sifili, ko da kin sake buɗe sabo da tsohon sunan.

Ga abin da nake so ki riƙe da kyau, domin da yawa suna gogewa ne saboda wani saƙo ko hoto da suka tura suke nadama. Gogewa ba ta cire shi. Saƙon da kika aika yana cikin akwatin wanda kika aika wa, kamar wasiƙar da ta riga ta isa hannun mai ita. Ko kin rufe ko kin goge, zai ci gaba da karanta shi. Idan akwai irin wannan saƙo, ki shiga hirar tun akawun na buɗe, ki danne yatsa a kansa, ki zaɓi Unsend, sannan ki rufe. Wanda ya riga ya ɗauki hoton allo ko ya sauke a wayarsa kuwa, babu maɓallin da zai karɓo miki.

Kada kuma ki ɗauki wannan bayani ki kai shi X. A can kalmar Deactivate ita ce matakin farko na gogewa. Idan kwana 30 suka cika ba ki shiga ba, akawun ya tafi da rubuce-rubucensa da mabiyansa, sunan ma wani na iya ɗauka. Snapchat ma kwana 30 ne. WhatsApp ba shi da rufewa ta wucin gadi ko kaɗan: gogewa ce nan take, tana fitar da ke daga duk guruf, tana kuma share ajiyar hirarki ta Google Drive.

Hanyar rufe Facebook da Instagram ɗaya ce: Accounts Center, sai Personal details, sai Account ownership and control, sai Deactivation or deletion. Zaɓi biyun suna jere, ɗaya a saman ɗaya, don haka ki karanta kafin ki danna. A Accounts Center ɗin akwai wurin sauke kwafin bayananki, ki nema ki ajiye tukuna. Ban da Messenger, shiga kowace iri tana farkar da akawun, ko da kin yi amfani da Facebook ne don shiga wata manhaja, saboda haka ki cire sunan da waya ta adana.

Abin da ya fi raba mutane da akawun ɗin da suka rufe shi ne layin waya. Mutum ya rufe, ya manta kalmar sirri, layin da ya yi rajista da shi ya mutu, kamfanin sadarwa ya ba wani lambar. Ki tabbatar imel da lambar da ke jikin akawun suna aiki, ki rubuta kalmar sirrin a wuri mai aminci.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da masu tallar cewa suna dawo da akawun da aka goge idan an biya su. Bayan wa'adin ya wuce ba wanda zai iya, wanda aka rufe kuma ba ya buƙatar kowa, shiga kawai za ki yi. Abin da suke nema shi ne kalmar sirrinki da lambobin da ake turowa ta saƙon waya. Suna samu sai su canza imel ɗin, su sayar da akawun da mabiyansa, ko su riƙa roƙon kuɗi wurin danginki da sunanki. Ko wanda ya ce miki shi ma'aikacin kamfanin ne, kada ki tura masa waɗannan lambobi.