Tsayayyen albashi na dubu 350, ko dubu 200 da kamasho?

"Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kamfanoni biyu masu rarraba kayan masarufi a Abuja sun ba ni aikin tallata kaya ga shaguna. Na farko naira dubu 350 duk wata, ba ƙari ba ragi. Na biyu dubu 200, sai kamasho har dubu 250 in na cika taget na miliyan 10, amma ba a fara biyan kamashon sai na kai kashi 70 cikin ɗari. Ina da mata da yara biyu, ina haya a Kubwa. Wanne zan kama?"

Wa'alaikumus salam ƙanena. Allah ya sanya alheri. Na san inda idonka ya tsaya, a kan dubu 450 ɗin nan, domin ni ma can nawa ya tsaya lokacin da na fara irin wannan aiki. Amma kafin ka kalli kuɗin watan da kasuwa ta yi kyau, ɗauko biro mu lissafa shekara guda.

Na farko ba shi da wahalar lissafi: dubu 350 sau 12, miliyan 4 da dubu 200. Na biyu kuwa, mu ɗauka gwargwadon abin da ka sayar ake biyanka. Watan da ka cika taget kana da dubu 450. Watan da ka tsaya a miliyan 8, kamashonka dubu 200, jimilla dubu 400. Watan da ka kasa kai miliyan 7 kuma, dubu 200 ɗinka kawai za ka ɗauka ka tafi gida. To a ce ka cika taget wata huɗu, ka yi miliyan 8 wata huɗu, ka faɗi ƙasa wata huɗu. Haɗa ka gani: miliyan 1 da dubu 800, da miliyan 1 da dubu 600, da dubu 800. Miliyan 4 da dubu 200 cif. Wato sai ka yi wata takwas masu kyau a shekara kafin ka yi kunnen doki da mutumin da ke karɓar tsayayyen albashi yana barci da minshari.

Wannan kashi 70 ɗin shi ne ramin. Wanda ya sayar da kayan miliyan 7 zai samu kamasho dubu 175. Wanda ya tsaya a miliyan 6 da dubu 900 ba shi da ko sisi. Cinikin dubu 100 ne tsakaninsu, 'yan katan na madara da taliya, amma a aljihu bambancin dubu 175 ne. Shi ya sa za ka ga ɗan talla ranar 29 ga wata yana zarya tsakanin kasuwar Wuse da Utako yana roƙon mai shago, "Alhaji, don Allah karɓi katan ashirin, ka biya in ka sayar." Daga nan bashi ke soma hawa kansa.

Abin da ya kawo ni tambayar da nake so ka yi musu kafin komai: da me ake auna taget ɗin, da kayan da aka sauke a shago ko da kuɗin da ya shiga asusun kamfani? In da kuɗin da ya shiga ne, to ka zama ɗan talla kuma ɗan karɓar bashi. Kwastoma ya jinkirta biya zuwa ranar 3 ga sabon wata, cinikin ya fita daga lissafin watan da ka sha rana a kansa. Wasu kamfanonin ma in kaya ya dawo, ko bashi ya wuce wa'adi, sukan cire kamashon da suka riga suka biya daga albashi na gaba.

Ni abin da ya ƙone ni daban ne. A wani kamfani da na yi wa aiki, oda na hannuna, masu shaguna na kira, amma sito babu kaya kusan mako uku saboda motocin ba su taso daga Legas ba. Ƙarshen wata aka ce ban kai ba. Na ce laifin wa? Manaja ya ɗaga kafaɗa ya ce tsari ne. Da na dage na cika taget wata uku a jere kuma, sai aka ɗaga shi, domin takardar da na sa wa hannu ta ba su damar sake shi duk lokacin da suka ga dama. Ban karanta wannan layin ba. Ka kuma tuna farkon 2023 da takardun naira suka yi ƙaranci, ciniki ya tsaya cak a kasuwanni. Mai tsayayyen albashi ya sha wahalar cire kuɗinsa, mai kamasho kuwa babu ma abin cirewa.

Akwai kuma fansho, wanda matasa ba su cika kallo ba. Dokar fansho ta 2014 ta ce kamfani ya zuba aƙalla kashi 10, ma'aikaci kashi 8, kuma ana lissafawa ne a kan ainihin albashi da alawus na gida da na sufuri. Kamasho galibi ba ya ciki. In duka tsayayyen kuɗin ake lissafawa, kamfani na farko zai zuba maka dubu 35 a wata, na biyu dubu 20. A shekara bambancin dubu 180 ke nan da ba ka gani a alat amma naka ne. Banki ma in ka je neman rancen albashi, abin da ke shigowa kowane wata ba fashi shi suka fi dubawa.

Ba ina cewa na biyun ba shi da riba ba ne. Wanda ya shekara biyar yana yawon kasuwannin nan, yana da lambar diloli a waya, in ya kira su za su ɗauki kaya saboda fuskarsa, to tsayayyen albashi tauye shi yake yi. Musamman in babu rufi a kan kamashon, wato in ya wuce miliyan 10 ana ci gaba da biyansa. Naka kuwa ka ce "har dubu 250", ma'ana an rufe sama. Iyakar abin da za ka fi ɗan kamfani na farko da shi a wata dubu 100 ne, abin da zai fi ka da shi a mugun wata kuwa dubu 150. Ga shi kai sabo ne a layin, wata biyu ko uku na farko gaisuwa da gabatar da kai za su cinye.

Sannan mai gidan haya a Kubwa kuɗin shekara yake karɓa dunƙule, bai san wani abu wai shi taget ba. Zauna da uwargida ku lissafa abinci, kuɗin makaranta, mota zuwa cikin gari, da abin da za a ware na haya kowane wata. In jimillar ta haura dubu 200, kuma na tabbata ta haura, to duk watan da ka faɗi ƙasa da layi da bashi za a cike shi.

Da ni ne kai, na farko zan kama. In kuma ranka na kan na biyun, koma wurinsu da buƙata uku a rubuce: su ba ka tabbacin rabin kamasho na wata uku na farko, su rubuta cewa ba a sake taget sai bayan wata shida, su kuma bayyana wa ke biyan kuɗin mai da na mota, don tun da aka cire tallafin mai a 2023 wannan kaɗai na iya cinye kamashon. Ka kuma nemi wani tsohon ɗan tallansu, ba wanda ofis ya zaɓa maka ba, ku sha shayi ka tambaye shi wata nawa ya karɓi kamasho a bara, da kuma ranar da ake biya. In ya ce bai kai wata takwas ba, ka kira kamfani na farko ka ce musu ranar Litinin za ka fara.