Littafin girkin da zai yi wa ɗalibi mai tukunya ɗaya amfani

Kafin ka biya kuɗin littafin girki, buɗe shi ka nemi shafin wake. A nan za ka gane ko da kai ake yi. In ka tarar ana maganar waken gwangwani, ko a gasa a oben, ko a raba a saka a firiza na mako guda, mayar wa mai shago kayansa. Ɗalibin da ya kama ɗaki a Samaru ko Kabuga, mai risho ko ƙaramar tukunyar gas, wuta kuma sai ta ga dama, ba shi marubucin ya hango ba.

Wannan ne aibin littattafan ƙasashen waje da ake samu a gwanjo, har waɗanda aka rubuta wa ɗalibai. Takarda mai ƙyalli, hotuna masu sa miyau, amma arhar can ba arhar nan ba ce. Cukuinsu da naman kajin da suke kira abincin talaka, a nan sai ranar da aka turo kuɗi daga gida. Abu ɗaya dai na yaba musu: suna auna girkin mutum ɗaya, suna kuma faɗin minti nawa zai ɗauka.

Ƙananan littattafan girke-girke na Hausa, da irin waɗanda masu koyar da girki ke sayarwa ta waya, sun fi kusa da mu. Kayan haɗinsu duk suna bakin titi: kuka, daddawa, zogale, alayyahu, manja. Sai dai amarya aka rubuta wa su, shi ya sa za ka ga awon gida guda, ga soye-soye da kayan fulawa sun cinye rabin littafin. "Ki zuba mai daidai misali" ba ya taimakon wanda bai taɓa riƙe ludayi ba. Duba ko akwai faten wake, dafa-duka, ɗanwake da kwaɗon zogale. In sun cika huɗun nan, kuma akwai awo da gwangwani ko cokali, saya.

Wanda na fi so, kuma ba a cika tunawa da shi ba, shi ne tsohon littafin darasin abinci da gina jiki na babbar sakandare, wanda ake karantawa don WAEC da NECO. Ba shi da kyan gani, girke-girkensa kaɗan ne, Turancinsa na aji ne. Amma yana koya maka lissafi, lissafin kuwa shi ke tsare aljihu.

Ga misali. Baligi na buƙatar kusan gram 0.8 na furotin, sinadarin da ke gina jiki, a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, wato ɗalibi mai kilo 60 yana neman gram 48. Busasshen wake gram 100, abin da bai kai cikin gwangwanin madara ba, yana da kusan gram 23. Shinkafar da za ka haɗa da shi, in ita ma gram 100 ce, ta ƙara 7. Ƙwai biyu 12. Tafin hannu na soyayyar gyaɗa wajen 7. An kai 49 ke nan, ba a je wurin mahauci ba. Wanda ya iya wannan ba zai tsorata ba don nama ya yi tsada, zai san inda zai cike giɓin.

Irin wannan littafin ne zai gaya maka dalilin abu. Kanwa tana saurin nunar da wake, amma tana lalata wani ɓangare na bitamin B1, don haka gara ka jiƙa waken tun dare, gas ɗinka ma ya huta. Shayi a kan abinci yana rage sinadarin ƙarfe mai ƙara jini da jiki ke ɗauka daga wake da ganye, lemon tsami ko ɗanyen tumatir kuwa suna ƙara shi. Duba kuma ko akwai babin adana abinci, domin shinkafar da ta wuni a tukunya cikin zafin Afrilu tana iya ɓata ciki ko an ɗumama ta. Littafin da ya yi shiru a kan gishiri ma ka yi hattara da shi: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasa da gram 5 a rana, kusan ƙaramin cokali guda, kuma dunƙulen magi da ƙullin yajin indomi duk a ciki suke.

In kuɗinka na littafi ɗaya ne, ɗauki na sakandaren, ko ka ara a wurin ƙanwarka da ta gama. Alƙaluman sinadaran da ke cikin abincinmu kuwa kyauta ne, rubuta FAO/INFOODS Food Composition Table for Western Africa 2019 a waya ka sauke, akwai gero da dawa da wake a ciki. Yadda ake kaɗa miyar kuka kada ta yi gudaji, wannan kira Umma ka tambaye ta, da biro a hannu.