Wa za ka bar wa gidan hayarka a Damagaram idan kana waje?

Mutumin da ya yi shekaru yana nema a Abijan ko Aljeriya ko Saudiyya, ya tara ya gina ɗakunan haya a Sabon Gari ko Garin Malam, ranar da zai koma sai ya tarar da tambayar da bai shirya mata ba: wa zai riƙa karɓar kuɗin haya, wa kuma zai tsaya a kan gyara? Hanyoyin da mutanenmu suka saba bi huɗu ne. Akwai ɗan'uwa na jini, akwai dillali, akwai ofisoshin kula da gidaje, sannan akwai wakilin da ake biya wata-wata da sharuɗɗa a rubuce. Ni dai na ƙarshen nan nake so, kuma zan faɗi dalili.

Dillali ba ya cikin lissafina. Aikinsa ya kawo ɗan haya ya karɓi la'adarsa, kuma duk lokacin da ɗaki ya zama wofi shi riba ce gare shi, to yaya za a ce ya riƙe maka mutanen da ke ciki? Ofishin kula da gidaje kuwa yana da kyau ga mai babban gida da wata ƙungiya ko kamfani ke haya, amma mai ɗakuna huɗu a lungu ba zai samu kulawar da yake tsammani ba.

Ɗan'uwa shi ne wanda zuciya ta fi kwanciya da shi, shi ne kuma inda aka fi yin kuka. Ba wai ƴan'uwa ba su da amana ba ne. Matsalar ita ce ba ka iya tambayarsu lissafi. Idan yayan mahaifinka ne ke karɓar hayar, da wane baki za ka ce masa «Baba, ina resin watan jiya?» Kana faɗa magana ta kai wajen Hajiya, a ce yaro ya je waje ya dawo yana tuhumar iyayensa. Ga kuma lalurar gida da ba ta ƙarewa: suna, asibiti, ragon layya, kuɗin makarantar yara. Wanda ke riƙe da kuɗin haya a aljihunsa, aka zo masa da maras lafiya cikin dare, zai taɓa, da niyyar ya mayar, kuma galibi ba ya mayarwa. Haka ta faru da gidana a hannun wani ɗan'uwa. An yi ta ce mini ƴan haya ba su biya ba, ashe ɗaya daga cikinsu ya ba da na wata shida gaba ɗaya tun da wuri, da takardar shaida a hannunsa. Ban iya korar ɗan hayar ba domin gaskiya gare shi, ban kuma iya kai ɗan'uwan ƙara ba domin zumunci. Tun daga nan abin da nake fara dubawa ga duk wanda zan ba gida shi ne: zan iya ce masa kawo lissafi ba tare da an tara dangi ba?

Wakilin da nake nufi dattijo ne na unguwar, ko wani ma'aikaci mai ritaya, wanda gidansa ke kusa, yana da abin kansa, ya iya rubutu, mai unguwa da liman sun san shi. Ana yanka masa albashi a fili, yawanci wajen kashi 10 cikin 100 na hayar, domin wanda ake biya yana jin nauyin aiki, kai ma kana da bakin magana. Amma asirin wannan tsari shi ne kuɗin haya ba ya bi ta hannunsa. Kowane ɗan haya shi zai je da ƙafarsa ya zuba a asusunka na banki, ko ya aika da sunanka ta Nita, Al Izza ko Amana, waɗanda ke da rassa ko'ina cikin gari. Aikin wakili ya bi ɗaki-ɗaki ya tunatar, ya ga takardar biya, ya rubuta a littafi, ya sanar da kai wanda ya makara. Ɗan'uwanka kuma ba ka ture shi ba. Ka ba shi matsayin mai sa ido, ya leƙa gidan lokaci-lokaci, ya zama shaida idan za a yi babban gyara. Girmansa na nan, aljihunsa kuma bai shiga jarrabawa ba.

Bari in yi lissafi da gida mai ciki da falo huɗu, kowane jika 25 a wata, wato jika 100. Ka biya wakili jika 10. Ka ware jika 15 kowane wata domin gyara, su zauna a asusunka, a shekara sun zama jika 180. Sauran jika 75 naka ne. A hannun wakili ka ajiye jika 10 kawai na ƙananan abubuwa, kamar kan famfo da ya lalace ko kwaɗon ƙofa, kuma ba za ka cika masa ba sai ya nuna takardun abin da ya kashe. Duk aikin da ya wuce jika 10 sai da izininka. Wannan iyaka ita ce ta raba ni da yawan kira na «an ɗan yi gyara, na cire daga haya».

Umarnin a rubuce ake yinsa, ku sa hannu gaban shaidu biyu kafin ka tafi, kowa ya riƙe kwafi. Saƙon murya na WhatsApp yana ɓacewa, kuma kowa yana tuna abin da ya yi masa daɗi ne a ciki. Ba sai an tsawaita ba. Nawa ya fara kamar haka: «Malam, na damƙa maka kula da gidan nan. Haya ana biyanta daga 1 zuwa 5 ga wata, a asusuna. Kada ka karɓi kuɗi a hannu ko da an roƙe ka. Kada a sa sabon ɗan haya ko a fitar da tsoho sai mun yi magana. Kada a karɓi kuɗin gaba fiye da wanda ke cikin yarjejeniya.» Daga nan sai maganar wuta da ruwa. In da hali kowane ɗaki ya samu mitarsa ta Nigelec, ta kati ta fi sauƙi, don kada wani ya tashi ya bar maka bashi. Ruwa kuwa, duk wanda ya zauna a Damagaram ya san yadda yake wuya lokacin zafi, kuma famfo ɗaya a tsakar gida shi ne tushen faɗan ƴan haya. A rubuta yadda ake raba kuɗin, ko bisa ɗaki ko bisa yawan mutane, wakili kuma ya aiko da hoton takardar da aka biya kowane wata.

Gyara yana da lokacinsa. A watan Afrilu ko Mayu, kafin iskar farkon damina, wakili ya hau da magini su duba rufi: ƙusoshin da suka saki, kwanon da ya yi tsatsa, katakon da gara ta ci, indararo da magudanar da ke fitar da ruwa daga tsakar gida. In ginin ƙasa ne irin na Birni, a sabunta yaɓe tun kafin ruwa ya sauka. Wanda ya bari sai Agusta, ruwa na zuba a kan katifar ɗan haya, zai biya duk abin da aka ce masa, domin ba lokacin ciniki ba ne.

A nan ne nake son mai gida ya buɗe ido sosai, don cutar da ake yi ta hanyar gyara ta fi ta haya yawa, ta kuma fi wuyar ganewa. Hoto ba shaida ba ne. Ana ɗaukar tsagewar bangon wani gida a aiko maka, kai kuma daga nesa duk bangon siminti iri ɗaya ne. Ka ce a kira ka da bidiyo kai tsaye, a faro daga titi, ka ga ƙofar gidanka, a shiga da kai har wurin da ya lalace ba tare da an yanke ba. Wanda ya ce kullum layi ba kyau a daidai wannan lokacin, ka lura da shi. Na biyu, ƙarin kaya. An taɓa ce mini gyaran katangar baya zai ci tan ɗaya na siminti, wato buhu 20 masu kilo 50. Da na sa aka kawo wani magini daban, ba tare da ya san abin da na farko ya faɗa ba, ya auna ya ce buhu 6 sun isa, kuma sun isa. Don haka duk babban aiki a nemo farashi daga mutum biyu da ba su san juna ba, ka yi magana da maginin da bakinka. Kuɗin kaya ka aika wa mai shago kai tsaye, a ƙirga buhunan a gabanka ta bidiyo ranar da aka sauke, a kuma ajiye buhunan wofi har a gama. Kuɗin aiki rabi a farko, rabi bayan ka ga aikin. Haka kwashe shadda: abu ne da ba a gani, shi ya sa ake iya karɓar kuɗinsa sau biyu a shekara ba a yi ko ɗaya ba. Tambayi ƴan haya ko sun ga mota ta zo.

Ƴan haya ma akwai masu wayo a cikinsu. Hoton takardar aika kuɗi ana iya gyara shi, ko a sake turo na watan baya. Kada ka ce an biya sai ka ga kuɗin a asusunka ko ka tabbatar da lambar aikawar. Akwai kuma wanda zai kama ɗaki da sunansa ya zuba wasu a ciki yana karɓar fiye da abin da yake ba ka, abin da ke faruwa a wuraren da ɗalibai ke neman ɗaki. Akwai ɗakin da za a ce maka wofi ne wata uku, alhali da mutum a ciki yana biya a hannu. Maganin duka ukun shi ne ka riƙe lambar kowane ɗan haya, ka riƙa kiransu kai da kanka ku gaisa, su san mai gida na ji yana gani.

Mafi girman haɗari takardun gida ne. Na ainihi kada su kwana a hannun wakili ko ɗan'uwa, kwafi ya ishe su. In aka ce sai da takardar wakilci, a rubuta ta a taƙaice: kula da ƴan haya da gyara, na shekara ɗaya, a kuma faɗa ƙarara cewa ba ta ba da ikon sayarwa ko jingina ba. A buga mata hatimi a ma'aikatar magajin gari ko wurin noter, in kana waje kuma a ofishin jakadancin Nijar na ƙasar da kake. Kada ka taɓa sa hannu a farar takarda a ce za a cike daga baya, ko wane ne ya nema. In shekarar ta cika, ku zauna da wakilin ko ta waya, a karanta littafin wata bayan wata a gwada da abin da ya shiga asusu, sannan a sabunta takardar.