Kallon kyamarar gida daga nesa ta hanyar Port Forwarding: abin da na gani bayan amfani da ita

Kyamarar da ke kallon ƙofar gidanmu ƙirar Hikvision ce, kuma ana iya kallonta daga waya ta hanya biyu. Ko dai mutum ya bi ta sabar kamfanin da manhajarsu ta Hik-Connect, ko kuma ya buɗe wa kansa hanya kai tsaye a rautar gidansa, abin da za ka gani an rubuta `Port Forwarding` ko `Virtual Server` a shafin saitin rauta. Ta biyun na zaɓa, domin ina son hoton ƙofar gidana ya zo wayata ba tare da ya ratsa ta hannun kowa ba. Na gamsu da ita ƙwarai, amma ba kowane gida za ta yi wa aiki ba, kuma gara mutum ya san haka tun kafin ya ɓata yininsa.

Ka ɗauki intanet ɗin gidanka kamar gidan haya mai zaure ɗaya. Mutanen waje adireshi ɗaya suka sani, na zauren, rauta kuma ita ce maigadi. Waya da kwamfuta da kyamara duk 'yan haya ne, kowa da lambar ɗakinsa, irin su `192.168.1.64`, lambar da ba ta da amfani a wajen gidan. In ɗan haya ya aika saƙo waje, maigadi yana riƙe da sunansa, amsa na dawowa ya miƙa masa. Amma in baƙo ya yi sallama ba wanda ya kira shi, maigadi bai san ɗakin da zai kai shi ba, sai ya sallame shi. Wayarka da ke kasuwa tana neman kyamara ita ce wannan baƙon. Aikin da za ka yi shi ne ka bar wa maigadi umarni: duk wanda ya zo ya ambaci lamba kaza, a kai shi ɗaki kaza. Wannan lambar ita ce `Port`.

Kafin komai, a duba ko gidan yana da adireshi nasa na kansa a intanet, domin a nan yawancin mutane suke maƙalewa. Ka shiga shafin rauta, galibi ta `192.168.1.1` ko `192.168.0.1`, ka nemi inda aka rubuta `WAN IP`. Sannan da waya a kan waifai ɗin gidan ka buɗe `canyouseeme.org`, zai nuna maka adireshin da duniya take ganinka da shi. In lambobin biyu sun zo ɗaya, hanya a buɗe take. In kuwa na rauta ya fara da `10.`, ko yana tsakanin `100.64` da `100.127`, to kamfanin layinka ya haɗa ku da ɗimbin mutane a kan adireshi ɗaya, tsarin da ake kira `CGNAT`. A wannan hali duk saitin da ka yi a rautarka aikin banza ne, saboda a can wurin kamfanin ake tare baƙon, ba ya ma isowa gidanka. Layukan da ake sa wa sim galibi haka suke. Rautar sim da nake da ita a da ma haka take, sai da aka ja mana fayiba na nemi kamfanin ya ba ni `Public IP` sannan abin ya yiwu. Wasu kamfanoni suna cajin kuɗi a kan wannan, a tambaya tun kafin a biya kuɗin haɗawa.

Saitin kansa ba shi da tsawo. Na fara da ɗaure kyamarar a adireshi ɗaya ta `Address Reservation`, domin in aka ɗauke wuta aka dawo da ita, rauta na iya ba ta wata lamba dabam, umarninka kuma ya ci gaba da nuna inda ba kowa. Duk wanda kyamararsa take aiki yau gobe ta ƙi, bayan an yi wasa da wuta da dare, ya fara duba nan. Bayan haka na rubuta ƙa'ida biyu:

```
External 8000 -> 192.168.1.64 : 8000  TCP
External 554  -> 192.168.1.64 : 554   TCP
```

Ta 8000 manhaja take shiga ta gabatar da suna da kalmar sirri, 554 kuma ta `RTSP` ce, mai ɗauko bidiyon. Shi ya sa in ka ga manhaja ta karɓe ka amma allo ya tsaya baƙi, ka tuhumi 554. Masu kyamara ƙirar Dahua kuwa lambarsu ta shiga ita ce 37777. Ta 80, wadda ke buɗe shafin saitin kyamarar a burauza, ban buɗe ta ba kuma ba na ba kowa shawarar buɗe ta.

Wajen gwaji, ka kashe waifai ɗin waya ka kunna data. Rautoci da dama ba sa barin wanda ke cikin gida ya shigo ta adireshin waje, sai mutum ya zaci bai yi daidai ba alhali komai lafiya lau. A manhaja na zaɓi `IP/Domain`, na sa adireshin waje da 8000, ina tsaye a bakin titi wajen mai shayi, sai ga ƙofar gidanmu a allo, har da almajirin da ke zaune a dakali yana gyara robarsa. Na ɗaga hannu, kusan nan take na ga kaina.

Adireshin waje ma yakan canja in ba tsayayye ka saya ba. Maganinsa `DDNS`, wato suna guda da ke bin adireshin duk inda ya koma. Na kamfanin No-IP nake amfani da shi, kyauta ne, sai dai ana sabunta shi kowane kwana 30.

Ingancin hoto ya dogara ne da ƙarfin aikawa na intanet ɗin gida, ba na saukewa ba. `Main Stream`, wato babban hoto, a kan megabit 4 a daƙiƙa yana cin kusan gigabait 1.8 a awa, `Sub Stream`, wato ƙaramin hoto, a kan kilobit 512 kuma kusan megabait 230 yake ci. Ni ƙaramin nake bari kullum, sai in ina son gane fuska na koma babban.

Abin da ya fi damuna da wannan hanya shi ne tsaro. Ƙofar da ka buɗe wa kanka a buɗe take ga duk duniya, kuma akwai na'urori da ba su da aiki sai laluben irinta dare da rana. A `Log` ɗin kyamarata, wato inda take rubuta abin da ya faru, ina ganin layi-layi na yunƙurin shiga da sunan `admin` daga adireshin da ban sani ba, wasu da tsakar dare. A 2016 cutar kwamfuta mai suna Mirai ta kame ɗimbin kyamarori da rautoci, ba da wata dabara ba sai gwada kalmomin sirrin da suka zo da su daga masana'anta. Saboda haka na sa doguwar kalmar sirri, na kunna `Illegal Login Lock`, na kashe `UPnP` don kada wata na'ura ta buɗe ƙofa ba da sanina ba, kuma ina sabunta `Firmware`, wato manhajar cikin kyamarar, duk lokacin da sabo ya fito. Kyamarar da ke cikin ɗaki ko tsakar gida inda iyali suke, ko kusa ba zan sa ta a wannan hanya ba.

Mai fayiba da adireshi nasa, wanda zai iya kula da waɗannan abubuwa, zai ji daɗinta. Mai rautar sim kuwa ya tsaya a kan manhajar kamfanin kyamararsa, domin a can kyamarar ce take fita neman sabar da kanta, `CGNAT` ba ya tare ta.