Katin tari ko na'urar sikana a sitonmu na Port Sudan

Katin tari shi ne wanda ake rataya wa kowane tarin kaya. Buhunan dawa masu kilo hamsin sun sauka, a lissafa su da takardar mota, a rubuta lambar rukuni da ranar lalacewa. Duk buhun da ya fita, a rage a katin. Wuta ta ɗauke, aiki bai tsaya ba. Matsalarsa ita ce ba ya tona kuskure da wuri: in takardar mota ta ce 600, aka sauke 594, magatakarda ya kwafe 600, shidan nan ba za su bayyana ba sai ranar ƙidayar ƙarshen wata, lokacin direba ya daɗe da tafiya.

Na'urar sikana kuwa tana karanta lambar kowane kwali, ta nuna giɓin nan take, ta kuma ajiye sunan wanda ya fitar da kayan. Amma tana son caji da intanet, kuma kayan sadaka da yawa ba su da lamba, sai an manna musu.

Ni dai a magunguna na fi yarda da na'ura, domin tana fitar da wanda zai riga lalacewa. Buhunan hatsi, kati ya isa, muddin mutum biyu suka ƙirga a bakin mota kafin a sa hannu.