Sauya Hular Baba: Denoising, Padding da Mask blur, Wanne Za a Taɓa?

*"Salam 'yan'uwa. Na ɗauki Baba hoto a Balad nan Jidda, yana sanye da farar tagiya. Ina so in mayar da ita kube mai launin shuɗi saboda katin ɗaurin auren da za mu aika Kano. Ina amfani da manhajar AUTOMATIC1111 da injin zana hoto na Stable Diffusion 1.5, hoton 2000 ne a 3000. Wani lokaci hular ba ta sauyawa, wani lokaci ta fito a karkace, wani lokaci kuma farin layi ya zagaye ta. Tsakanin Mask blur da Denoising strength da padding, wanne zan taɓa?"*

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sanya alheri a auren. Kowace daga cikin matsalolin nan uku tana da nata maɓallin, kuma idan ka murɗa wanda ba nata ba, sai dai ka ƙara wata sabuwa a kai. Hular da ta ƙi sauyawa laifin Denoising strength ne. Wadda ta karkace, padding ne. Farin layin kuma Mask blur ne tare da yadda ka shafa fentin da ke nuna wa injin wurin da zai sauya.

Kafin komai, je wurin Seed ka cire -1 ka sa lamba ɗaya, ko wacce, ka bar ta a nan. Muddin yana kan -1, kowane gwaji da sabon dussa-dussa yake farawa, wato ɗige-ɗigen barkatai da injin ke fitar da zane daga cikinsu, ba za ka taɓa gane ko abin da ka sauya ne ya kawo bambancin ko sa'a ce ba.

Zan fara da padding, domin shi mutane suka fi mantawa da shi, alhali shi ne ke yanke abin da injin zai gani. Ba ya aiki sai ka zaɓi Only masked a ƙarƙashin Inpaint area. Idan Whole picture ka zaɓa, manhajar za ta matse hotonka gaba ɗaya zuwa girman da ka rubuta a Width da Height, a ce 512 a 768. Mu ƙaddara faɗin hular fiksel 400 ne a hoton asali. Bayan matsewa ta koma kusan 102. Shi kuma Stable Diffusion yakan ƙara rage hoto sau 8 kafin ya fara zane, don haka hular Baba gaba ɗayanta ba ta wuce ɗigo 13 a idonsa ba. Ina aikin zaren kube zai shiga cikin ɗigo 13? Sannan hoton da zai fito ƙarami ne, bai isa a kai wa mai buga kati ba.

Only masked kuwa yanko wurin da ka shafa yake yi, ya haɗa da ɗan kewayensa, ya mayar da yankin girman Width da Height, ya yi zanen, sannan ya manna shi a mazauninsa cikin babban hoton. Wannan ɗan kewayen shi ne Only masked padding, pixels. Yana zuwa a kan 32, iyakarsa 256.

Mu yi lissafi da naka. A ce fentinka 400 ne a faɗi, 260 a tsayi, ka kuma bar Width da Height a 512 da 512. Da padding 32 yankin zai zama 464 a 324, sai manhajar ta ƙara masa tsayi ya daidaita da murabba'i, 464 a 464. Injin zai ga hula da goshi, wataƙila da gira. Zane zai fito tas, tunda yankin ma ɗan ƙara masa girma aka yi. Amma bai ga hanci ba, bai ga haɓa ba, bai san ko Baba ya ɗan sunkuyar da kai ko ya karkata hagu ba. Sai ya ɗora hula a miƙe a kan kan da ke karkace. A nan karkatarka ta samo asali.

Mayar da shi 128, yankin ya zama 656 a 656. Yanzu idanu da hanci sun shigo, injin ya ga ta wane ɓangare rana ke bugun fuska, ya ga katakon tagogin nan na Balad a baya. Hula za ta zauna daidai. Abin da ka biya shi ne an matse 656 zuwa 512, sai hular ta koma fiksel 312 lokacin zane, a sake buɗa ta zuwa 400 wajen mannawa, ta ɗan yi laushi. Idan ka kai 256, yankin 912 ne, hula ta koma kusan 225. Zamanta ba laifi, amma idan ka matso da hoton za ka ga fuskar Baba garau, hula kuwa kamar an shafa mata man kaɗanya. A kati da aka buga, wannan bambancin yakan fito fili.

Ni dai a irin hotonka 128 nake sawa, in ɗaga Width da Height zuwa 768 idan katin hoton kwamfutar zai iya ɗauka. Ta haka 656 ya shiga cikin 768 ba tare da an matse komai ba. Akwai kuma wata dabara: ka bar padding ƙarami, ka ɗiga fenti ɗan mitsitsi a kan rigar, ƙasa da gemu. Manhajar tana zana akwatinta ne ta yadda zai rufe duk inda fenti ya taɓa, don haka ɗigon zai jawo fuskar duka cikin yankin ba tare da an ɓata wuri a saman kai ba. Kada dai ka ɗiga shi a kan ido ko leɓe, domin shi ma wurin za a sake zana shi.

Sai Denoising strength, wanda ke tafiya daga 0 zuwa 1, yana zuwa a kan 0.75. Padding ya faɗa wa injin inda zai duba, shi kuma wannan yana faɗa masa nawa zai manta daga abin da ke ƙarƙashin fentin. Ana zuba dussa-dussa a kan tsohuwar hular gwargwadon lambar, sannan injin ya bi yana sharewa yana zana abin da ka rubuta masa. Har yawan matakan ma da lambar ake auna shi: idan Sampling steps ɗinka 30 ne, a 0.3 kusan matakai 9 kawai zai taka, a 0.6 kuma 18.

A 0.3 tagiyar tana nan yadda take, sai dai saƙarta ta ɗan sauya. Wannan lambar ta goge tabo ce ko gyara ƙyallin gumi a goshi. A 0.5 ado zai fara bayyana, amma hular tana nan fara, tana nan gajera, domin launi da babbar siffa su ne na ƙarshen ɓacewa cikin dussa-dussa. Wajajen 0.75 ne shuɗin zai samu shiga. Daga 0.9 zuwa sama injin ya saki tsohon hoton kusan gaba ɗaya, babu abin da ya rage masa sai rubutunka da abin da padding ya nuna masa. To ka ga inda biyun suka haɗu. Denoising mai yawa da padding kaɗan shi ne haɗin da ke haifar da abin dariya: ka rubuta "dattijo sanye da hula", injin bai ga dattijo a yankin ba, sai ya zana maka wani ɗan ƙaramin kai da hularsa a saman kan Baba. Duk lokacin da ka ɗaga denoising, ɗaga padding tare da shi, rubutun kuma ya tsaya kan hular kaɗai:

```
tall cylindrical embroidered cap, navy blue, dense geometric stitching
```

Siffanta ta na yi, domin wannan injin bai san sunayen hulunanmu ba. Ka rubuta masa kube ko Zanna Bukar, abin da ya ga dama zai ba ka.

Shawarata ita ce kada ka tilasta wa denoising ya yi aikin sauya launi. Buɗe hoton a kowace manhajar gyaran hoto, ko a shafin Inpaint sketch, ka zana siffar kube da shuɗi a kan tagiyar, ko da zanen yara ne. Sannan ka bar Masked content a kan original, ka sa 0.55 zuwa 0.6. Launi da tsayi ka riga ka ba shi, saura masa zare da inuwa kawai, kuma a wannan lambar ba ya yawan kauce hanya. Ka tuna kube ta fi tagiya tsayi. Fentin da ya tsaya iya tagiyar zai sa injin ya cusa kube cikin siffar tagiya, don ba shi da izinin zana hula a wajen fentin. Shafa har saman kai, inda sabuwar hular za ta kai.

Mask blur shi ne mafi ƙanƙantar aiki a cikinsu. Ba ya sauya siffar hula, ba ya sauya launinta. Bakin fenti kawai yake dusasarwa don sabon zane ya narke cikin tsohon hoto wajen mannawa. Yana zuwa a kan 4. Abin lura shi ne da fiksel ɗin hoton asali ake ƙirga shi, kuma dusashewar tana yaɗuwa ciki da waje, kusan ninki biyu da rabi na lambar a kowane ɓangare. Wato 4 na nufin fiksel 10, wanda a hoto mai faɗin 2000 bai fi zare ba. Za ka ga layi a goshi inda launin fata ya ɗan bambanta. A 12 ya zama fiksel 30, a 16 kuma 40.

Farin layinka daga nan ya fito. Idan ka bi bakin tagiya daidai-wa-daida da fenti, ɓangaren dusashewar da ya shigo ciki zai faɗa kan farin yadi, sai tsohuwar hular ta riƙa leƙowa ta ƙarƙashin sabuwar. Mai ganin haka yakan ɗauka blur ne ya yi kaɗan ya ƙara, layin kuwa ya ƙara faɗi. Maganin shi ne fenti ya zarce bakin tagiyar da fiye da faɗin dusashewar: da blur 12, wuce ta da fiksel 35 zuwa 40 ta gefe da gefe. Goshi ne wurin taka-tsantsan. Idan tsakanin hula da gira bai kai haka ba, sauko da blur zuwa 8 ka wuce da 25, in ba haka ba girar Baba za ta shiga cikin aikin, 'yan Kano su ce wannan ba shi ba ne.

Yadda za ka rarrabe laifin blur da na sauran biyun kuwa: matso da hoton ka bi bakin. Idan aibin siriri ne yana bin sawun fentinka, blur ne. Idan hular gaba ɗayanta ta fi fuskar haske ko duhu, ko inuwarta ta faɗi ɓangaren da rana take, babu blur ɗin da zai rufe wannan, koma kan padding.

Ga inda zan ce ka fara, bayan ka zana shuɗin kuben a kan tagiyar:

```
Inpaint area: Only masked
Only masked padding, pixels: 128
Width / Height: 768 / 768
Masked content: original
Denoising strength: 0.6
Mask blur: 12
```

Fara daidaita padding har hula ta zauna. Sannan ka sauka ƙasa wurin Script ka zaɓi X/Y/Z plot, ka sa Denoising a X da 0.45, 0.55, 0.65, 0.75, zai jera maka su huɗu kusa da juna ka zaɓa da idonka. Blur ka bar shi ƙarshe. Idan kana da fayil ɗin sd-v1-5-inpainting, loda shi maimakon na gama-gari, domin shi ana ba shi fentin da sauran hoton tun daga farko, yana jure 0.8 zuwa sama ba tare da ya rabu da fuskar ba. Idan ka gwada, turo mana jerin huɗun mu gani, musamman wajen kunnuwa, don a nan farin ya fi maƙalewa.