Gargaɗi: Masu "fito da fuskar ɓarawo" daga hoton kyamara, zane suke sayar muku

Jama'a, musamman masu kyamarar tsaro a shago, a yi hattara da wasu da ke talla a WhatsApp da TikTok cewa suna da manhajar da ke wanke hoto mai dishi-dishi har fuskar ɓarawo ta fito tangaran. Ni dai sun ci kuɗina, kuma saura ƙiris su ja ni in ɗauki alhakin wani.

An fasa shagona da dare aka kwashe wayoyi. Kyamara ta kama mutumin, amma daga nesa, fuskar kamar an shafa toka. Na tura wa ɗaya daga cikin masu tallan hoton da naira dubu 15. Ko rabin awa ba a yi ba ya dawo mini da fuska fes: saurayi mai ɗan gemu, har da tabo a goshi. Na nuna wa maƙwabta, nan take wani ya ce ai wannan yaron mai shayin bakin layi ne. Wallahi har zuciyata ta fara yarda.

Ɗan yayata, mai gyaran kwamfuta, shi ya taka mini birki. Ya buɗe ainihin hoton kyamarar, ya yi ta ƙara girman wajen fuskar har ta koma 'yan murabba'ai kamar tayil. Ya ce, "Kawu, ƙirga." Wajen 16 a tsaye, 16 a kwance, ɗigo 256 ke nan. Wanda aka turo mini kuwa 1024 ne sau 1024, ɗigo sama da miliyan ɗaya. "To Kawu, sauran daga ina suka fito? Kyamararka dai ba ta ɗauke su ba."

Ashe manhajojin hoto iri biyu ne, 'yan damfara kuma a tsakaninsu suke cin abinci. Akwai mai duba hoto: ka ba ta hoto, ta ba ka amsa a kansa, ko suna, ko rubutun da ke jiki, ko ta ce fuskar nan ta yi daidai da waccan. Irinta ce ke buɗe waya da fuska, irinta ce Google Lens. Ba ta ƙara komai a hoton, kuma in hoton ya lalace, ko dai ta gaza ko ta yi kuskure. Mai gane fuska ma sai tana da wasu hotunan da za ta gwada da su. Ɗayar kuwa mai zana hoto ce, irin su Midjourney da Stable Diffusion. An horar da ita da ɗimbin hotuna har ta iya ƙaga wanda bai taɓa wanzuwa ba. In ka ba ta fuska mai dishi-dishi, sai ta zano wata wadda in an ƙanƙantar da ita za ta yi kama da taka. Irin waɗannan fuskokin kuwa ba su ƙirguwa, ɗaya kawai ta zaɓo. Tabon goshin nan ƙagen na'ura ne.

Ba yau aka fara ganin haka ba. A 2020 an saka hoton Barack Obama da aka dusashe a cikin wata manhaja mai suna PULSE, wadda masu bincike a Jami'ar Duke ta Amurka suka ƙirƙira, sai ta fito da fuskar wani Bature. Mutumin da duniya ta sani ke nan, balle ɓarawon dare mai hula.

Sai muka gwada mai tallan. Ɗan yayar tawa ya ɗauke ni hoto daga nesa, ya ƙanƙantar da shi har fuskar ta dushe, muka tura daga wata lambar a matsayin sabon ɓarawo. Wata dubu 15 ɗin ta tafi, amma ba ta tafi a banza ba. Fuskar da ta dawo ta wani bawan Allah ce mai faffaɗan hanci, ba ni da ko ɗan uwa mai kama da shi. Rubutun jikin rigata ma ya koma wasu haruffa marasa ma'ana, wanda alama ce ta zane da kowa zai iya dubawa. Haka za su yi wa lambar mota ko ta babur: su fito da lambobi tsaf, alhali na wani ne can da bai ji ba bai gani ba.

Ba cewa nake duk gyaran hoto ƙarya ba ne. Ana iya ƙara haske, a rage duhu, ko a bi bidiyon a zaɓo daƙiƙar da mutum ya fi matsowa kusa. Wannan aiki ne da abin da kyamara ta riga ta ɗauka. Don haka duk wanda ya zo muku da tallan nan, ku ce ya maimaita aikin sau biyu a gabanku, ko ya fara da hoton wanda kuka sani.

Na tura wa mai tallan hotona na gaskiya kusa da nasa, ya toshe lambata. Ainihin bidiyon na kai wa 'yan sanda, ba zanen ba. Na kuma bi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya na roƙe su su goge hoton, don na ga ya fara yawo a zauren 'yan layinmu.